Madara a bazarar Tawa: randa, yashi ko jiƙaƙƙen buhu?

Mai Fura Wadata:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar madara. Lita 10 ake kawo mini kullum daga rugar da ke bayan gari. Ana tatsa wajen ƙarfe 6 da rabi na safe, tana iso ni ƙarfe 8 a cikin bidon roba bisa moto. Rabi nake kwantarwa kindirmo, sauran lita 5 ina son su kai bayan la'asar a madararsu, don akwai masu saye na shayi da kunun marece. Ba ni da firigo. Tun da zafin nan ya shigo, kafin azahar ta fara tsami, in na ɗora a wuta sai ta tsinke. An ce in sa tukunya cikin tukunya da yashi. Yaya ake haɗawa, kuma zai riƙe ta har marece?

Ɗan Kasuwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan ai mai sauƙi ne. Dabarar wani malami ce daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, har lambar yabo ta Rolex ya samu a kanta a 2000. Tukunya babba, tukunya ƙarama a ciki, yashi a tsakani, a zuba ruwa, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Kayan miya na yin kwana da kwanaki a ciki. Ki zuba madararki kawai, kwana biyu ma za ta yi.

Malamin Kiwo:
Abin da ka faɗa game da Bah Abba daidai ne, amma kwana biyun nan a janye shi kafin wani ya ɗauka ya ba yara. Tumatir da tattasai da gauta suna jin daɗin tukunyar nan ƙwarai, domin sanyi kaɗan da laima suke so. Madara abin da take so daban ne. Firigo na riƙe ta a digiri 4, tukunya kuwa ba ta zuwa kusa da nan ko da wace irin gina ce.

Ga dalili. Sanyin randa daga ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yake, iska ta ɗauke shi ya tafi da zafi, kamar yadda zufa ke sanyaya jiki. Wannan sanyin yana da iyakar da ba ya wucewa, kuma bushewar iska ce ke yanke ta. A ranar bazara irin tamu, zafi digiri 42, laimar iska kashi 15 cikin ɗari, iyakar tana wajen digiri 22. Wannan a lissafi ke nan. A aikace randa mai kyau a inuwa mai iska za ta tsaya sama da haka, a ce 25 zuwa 27. Ragin digiri 15 daga zafin rana ba ƙaramin abu ba ne, yana rage saurin hayayyafar ƙwayoyin da ke tsamar da madara sosai. Amma a digiri 25 har yanzu suna aiki. Saboda haka awoyi tukunya ke ƙara miki Hajiya, daga hantsi zuwa marece, kuma shi ma sai an bi wasu matakai kafin madarar ta shiga ciki.

Mai Fura Wadata:
To Malam, marecen nake nema dama. Waɗanne matakai?

Malamin Kiwo:
Mu fara da abin da ya faru kafin ta iso ki. Madara na fitowa daga hantsa da ɗumin jikin saniya, digiri 37 zuwa 38. Tana da ɗan kariya ta halitta da ke danne ƙwayoyin cuta na awa biyu ko uku bayan tatsa, in an tatsa da tsabta. Taki ta riga ta cinye awa ɗaya da rabi a hanya, cikin roba, a rana. Ke nan lokacin da ta shigo gidanki kariyar ta kusa ƙarewa, kuma a wannan ɗumin wasu ƙwayoyin na ninka yawansu cikin abin da bai fi rabin awa ba. In kika ɗauke ta ɗanya kika sa a tukunya, sanyin zai iso ta bayan aikin gama ya gama.

Da isowarta ki ɗebi cokali biyu ko uku a ludayin ƙarfe ki ɗora a wuta. In ta tafasa sumul, lafiya lau. In ta yi gudaji ko ta ware ruwa gefe, wannan ba ta ajiya ba ce, kar ki ɓata icce a kanta. Wadda ta ci gwajin, ki tace ta da farin ƙyalle mai tsabta, ki dafa ta nan take, kina motsawa don kar ta kama gindin tukunya, har ta taso. Dafawar na kashe mafi yawan ƙwayoyin tsami, tana kuma kashe na tarin fuka da na cutar da ke sa shanu ɓari, waɗanda ke kama mutum ta ɗanyar madara.

Sai wurin da akasari ake yin asara, wato hucewa. Lita 5 da aka sauke daga wuta aka ajiye a ɗaki za su shafe awoyi suna ɗumi, kuma ɗumin nan shi ne abin gudu. A juye ta da zafinta cikin kwanon silba mai murfi wanda aka ɗauraye da tafasasshen ruwa, a rufe, a tsoma kwanon cikin baho mai ruwa lita 20 har wuya. In ruwan na digiri 30, a lissafi madarar za ta sauko wajen 42. A canza ruwa, karo na biyu ta sauko wajen 32. A riƙa jujjuya kwanon a hankali da motsa ruwan bahon, in ba haka ba gefe ne zai huce, tsakiya na nan da zafi. In kin raba lita 5 ɗin a kwano biyu, sun fi saurin hucewa. Daga nan ne take shiga randa.

Ruwan bahon ba asara ba ne, ya yi wanke-wanke ko ban ruwan shuka. Amma a yi amfani da wanda ya kwana a inuwa. Ruwan famfo na tsakar rana a watan Afirilu da kansa ɗumi gare shi.

Uwar Biyu:
Ni dai da na sauke daga wuta nake sa kwanon cikin randa kai tsaye, me ya sa sai an bi ta baho? Aiki biyu ke nan.

Malamin Kiwo:
Yaya, ki duba lissafin. Randa mai ruwa lita 30 a digiri 25, aka tsoma mata lita 5 na madara mai tafasa, duka biyun za su haɗu a wajen digiri 34. Kin kashe sanyin da randar ta tara dare guda, kuma kafin ta dawo da shi ta jikinta sai an yi awoyi. Madarar kuwa tana zaune a 34 duk wannan lokacin. Amma in ta bi ta baho ta shiga a 32, randar ba za ta motsa ba sai kamar digiri ɗaya. Randa gwanar riƙe sanyi ce, ba ta da saurin janye zafi mai yawa.

Inna Maginiya:
Bari in sa baki a kan tukunyar kanta, tun da ita ce sana'armu. Ba kowace randa ke sanyi ba. Wadda za ku nema ita ce mai shan ruwa, wadda in an cika ta, bayan ɗan lokaci bayanta ya yi duhu ya yi laima ko'ina, ba tare da ruwa na ɗiga ba. In ta bushe ƙayau a waje, ko an yi mata fenti, ko an shafe ta da siminti don kar ta yoyo, ko an goge ta ta yi santsi sosai, to ƙofofinta sun toshe, ba za ta yi sanyi ba. In kuma tana zubar da ruwa har ƙasa ta yi taɓo, wannan tsaguwa ce ko gashi bai kama ta ba. Ku ƙwanƙwasa ta da yatsa a kasuwa. Mai lafiya tana ƙara tangaran, mai tsaguwa muryarta a dushe take.

In ta yashin kuke so, ta waje ta fi ta ciki faɗi da kamar yatsu uku ko'ina. A tankaɗe yashin gulbi, a wanke shi har ruwan ya fita garau, domin ƙura da laka ke toshe jikin tukunya. A fara zuba yashi a gindi yadda bakin ƙaramar zai zo daidai da bakin babbar, a zaunar da ita, a cika gefe, a bar yatsa biyu daga sama. Ruwa kuma a hankali, har yashin ya ƙoshi, kar a kwarara lokaci guda ƙaramar ta taso. A haɗa ta tun daren jiya don ta kwana tana sanyi. A bazara safe, azahar da dare ake ƙara ruwa. Ku tura yatsa cikin yashin, in gaɓa ɗaya ta shiga a bushe, ta yi ƙishi.

Kuma don Allah kar a zuba madara kai tsaye cikin tukunyar ƙasa. Tana shiga jikin laka, wanki ba ya fitar da ita, gobe duk madarar da aka zuba sai ta kama wannan tsamin.

Mai Tara Madara:
Inna, tukunyar yashi ban raina ta ba, amma ga madara ni ina bayan randar ruwa zalla. A ta yashi, kwanon madara yana zaune cikin iska a ƙaramar tukunya, iska kuwa ba ta janye zafi da sauri. Ruwa ya fi ta nesa ba kusa ba. Randa ɗaya mai faɗin baki, ruwa a ciki, kwano a tsome har wuya, murfinsa a sama da ruwa, dutse mai tsabta a kai don kar ya kife. Faifai a bakin randa, jiƙaƙƙen buhu a bisa. Ya fi arha, ya fi saurin sanyi.

Sharaɗi biyu ne. Randar ta zama ta madara kaɗai, ban da ta sha, saboda gindin kwano da hannu suna shiga ciki. Kuma ruwan randa kar ya taɓa madarar ko ɗigo, shi ya sa murfi ke zama sama. In madara ta zube a ruwan, a kwashe shi duka a wanke randar ranar nan, in ba haka ba gobe za ta yi yauƙi da wari.

Inna Maginiya:
Ɗana, ai ana iya haɗa su. A zuba ruwa a ƙaramar tukunyar ta ciki, a tsoma kwanon. Yashin amfaninsa yana riƙe sanyin asuba ya kai shi rana, kuma tukunya ba ta motsi, yara ba sa kifar da ita.

Mai Tara Madara:
Ruwa lita 30 ma yana riƙe sanyin asuba, Inna, har ya fi yashi. Amma maganar yara da awaki gaskiyarki ce.

Baban Sani:
Ku yi haƙuri, ni tambayata kan madarar gari ce ta gwangwani. In na sa ta a irin wannan tukunya za ta fi daɗewa?

Uwar Biyu:
A'a Baba, ta gari bushewa take so. Laimar tukunya za ta sa ta dunƙule. A rufe gwangwanin da kyau a sa a inuwa. In an dama ta da ruwa kuwa ta zama kamar ta saniya, a sha a lokacin.

Ɗan Kasuwa:
To wurin ajiya fa? Ni da a ɗaki zan sa, bayan ƙofa, inda rana ba ta shiga sam. Ko a binne randar rabi a ƙasa kamar yadda tsofaffi ke yi.

Malamin Kiwo:
Inuwa rabin aikin ce, sauran rabin iska ce. A ɗakin da ke rufe, laimar da ta fito daga randa tana taruwa kewaye da ita, bushewa ta tsaya, sanyi ya tsaya. In ɗakin kwano ne ma, rufin na sauko da zafi har cikin dare. Wurin da ya dace shi ne rumfar zana ko ta kara mai buɗaɗɗen gefe, ko gindin dogon yaro, nesa da murhu da bangon da rana ke duka da marece. A duba inuwar da ƙarfe 3, domin wurin da ke da inuwa da safe sau da yawa rana na cin sa bayan azahar. Minti talatin na rana kai tsaye a jikin randa yana ɓata aikin awoyi.

A ɗaga ta bisa duwatsu uku ko ƙarfen ɗora randa, iska ta bi ta ƙasa. Binnewa kuma, duk ɓangaren da ya shiga ƙasa ya daina samun iska. In ƙasar yashi ce a inuwa kuma ana jiƙa ta kullum, tana taimakawa, shi ya sa tsofaffi ke zuba ruwa kewaye da gindin randa. In busasshiyar ƙasa ce, ɗagawa ta fi.

Tsumman rufi ya zama na auduga ko buhun algarara, ninki biyu. Buhun leda na shinkafa da yadin roba ba sa shan ruwa, ba abin da za su yi. A iskar Afirilu buhu na bushewa da wuri, don haka a sa bakinsa ɗaya cikin ƙaramar roba mai ruwa ya riƙa tsotsa da kansa. A wanke shi da sabulu a shanya a rana duk bayan kwana biyu, in ba haka ba ya yi wari ya tara ƙuda.

Inna Maginiya:
Ƙari kaɗan. Wasu rijiyoyin ruwansu na da kanwa ko gishiri. In kun ga farin gari na fitowa a bayan randa, shi ne ke taruwa yana toshe ta. A kankare da soso mai kaushi da ruwa zalla, ban da sabulu, laka na shanye shi. In ta tsufa ta daina laima ko an kankare, a mayar da ita ta zuba hatsi a sayi sabuwa.

Mai Tara Madara:
Hajiya, akwai gyara a wajen mai kawo miki ma. Bidon man girki da ake amfani da shi bakinsa ƙarami ne, hannu ba ya shiga, maiƙon jiya na maƙale a kusurwa da wajen mariƙi, shi ke zama irin tsamin yau. Ko kin yi komai daidai a gida, in bidon nan bai canza ba za ki riƙa samun wadda ta tsinke a gwajin ludayi. Ya nemi na alminiyam ko na silba mai faɗin baki. Wankinsa: ɗauraya da ruwan sanyi da farko, domin ruwan zafi na dafa ragowar madara ta manne, sannan ruwan zafi da sabulu da buroshi, a ɗauraye, a kife a rana.

A hanya ya naɗe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara ya ɗaure. Iskar moto na sa buhun aiki sosai, ƙarfe kuma na miƙa sanyin ga madara, abin da roba ba ta yi da kyau. Ya riƙe gorar ruwa ya sake jiƙawa a tsakiyar hanya. Ya cika bidon ya rufe, domin rabin bido na kaɗa madara har mai ya fara tashi. Kar kuma ya haɗa tatsar daren jiya da ta safe, tsohuwar ce ke ɓata sabuwar.

Ɗan Kasuwa:
Wasu na jefa ɗan kanwa a ciki, sai ta ƙi tsinkewa. Ko a jefa ƙanƙara.

Malamin Kiwo:
Kanwa tsamin take ɓoyewa, ƙwayoyin suna nan suna ƙaruwa. Ka cire alamar da za ta gargaɗi mai sha ke nan, kuma ha'inci ne ga mai saye. Ƙanƙara tana da amfani sosai, amma a ruwan bahon na biyu za a sa ta, a wajen kwano. A cikin madara tana tsarma ta, kuma ba ka san ruwan da aka yi ta da shi ba.

Tun da an zo kan alamu, ga wani abu da ya kamata a kiyaye. Dafaffiyar madara ba ta lalacewa irin ta ɗanya. Wuta ta kashe ƙwayoyin tsami, amma akwai wasu masu ƙwanso da ke tsira daga tafasa, su farfaɗo in ta daɗe a ɗumi. Su ba lalle su kawo tsami ba. Sai dai ka ga ta yi kauri ko yauƙi, ko ta yi ɗaci, ko wari ya canza. Irin wannan a zubar, sake dafawa ba ya kashe dafin da wasunsu ke bari. Saboda haka Hajiya, wadda aka dafa ƙarfe 8 da rabi, ta huce kafin 9 da rabi, ta zauna a randa a rufe, a ganina za ta kai ƙarfe 5 ko 6 lafiya. Kar a riƙa buɗewa ana tsoma ludayi, shi ya sa kwano biyu suka fi, a gama da ɗaya kafin a taɓa ɗayan. Masu saye su sake tafasawa. Kwana kuwa ban yarda ba, balle ga ƙaramin yaro ko mai ciki.

Mai Fura Wadata:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. In ta rage da marece fa? Kuma da damina haka zan ci gaba?

Uwar Biyu:
Ragowar ki sake tafasa ta in lafiyarta lau, ki bari ta huce har ɗan yatsa mai tsabta ya iya jure ɗuminta, ki sa irin kindirmo mai kyau cokali biyu ko uku a kowace lita, ki rufe. Wannan kar ki sa ta a randa sai ta kwanta, ɗumi take so. Da safe in ta kama sai ta koma randa don kar tsamin ya wuce kima.

Malamin Kiwo:
Da damina lissafin ya canza. A watan Agusta, zafi digiri 32, laima kashi 70, iyakar sanyin tana wajen 27, randar kuma za ta tsaya 29 ko 30. Ragin digiri biyu ko uku ke nan, ga shi lokacin ne madara ta fi yawa kuma taɓo da ƙuda sun fi yawa a ruga. A Yamai kusa da kogi abin ya fi haka matsewa. Ki jiƙa ƙyalle ki shanya a inuwar rumfar. In ya bushe da wuri ya yi sanyi a hannu, randa na aiki ranar. In ya wuni da danshi, kar ki dogara da ita, ki sayar da madarar kafin azahar, sauran ki kwantar. Mai ma'aunin zafi na dafa abinci ya tsoma shi a ruwan randa da ƙarfe 2, ya fi kowane hasashe. A kuma riƙa zubar da ruwan robar da buhu ke tsotsa kullum saboda sauro.

Ɗan Abalak:
Mu a nan in madara ta yi yawa da damina cuku ake yi, a shanya bisa tabarmar kara. Amma Malam, batun dafawa kafin kwantarwa, masu sayen nono da yawa a wajenmu suna cewa na dafaffiya bai kai na ɗanya a ƙwarya ɗanɗano ba, kuma man ba ya tashi yadda suke so. Mai sayarwa in ya dafa kasuwa ta guje shi.

Malamin Kiwo:
Ɗanɗanon yana canzawa, ban musa ba. Akwai hanyar tsakiya ga mai ma'auni: a riƙe ta a digiri 63 na minti 30 ba tare da ta tafasa ba, ƙamshin wuta ba ya kama ta sosai. Sai dai riƙe 63 a murhun icce da wuya, sai an ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi ana kallon ma'auni. Tsamin nono kuma shi kaɗai ba a dogara da shi wajen kashe ƙwayar tarin fuka da ta ɓari.

Ɗan Abalak:
Ma'aunin ne babu a ruga, Malam. Hajiya dai tana gari, za ta iya nema. Inna, randar da za ta ɗauki kwano biyu na lita 3 gefe da gefe, faɗin bakinta nawa zan ce wa maginiya?

Inna Maginiya:
Kar ka ce mata komai da baki, ka kai mata kwanonin ta auna da su, ta ƙara yatsu huɗu don laka na tsukewa in ta bushe aka gasa ta. In bakin zai yi faɗi da yawa, randa biyu matsakaita sun fi, kowace da kwanonta.